Saƙon rangwame a WhatsApp wanda mai saye za ta ji da ita ake magana

Tambaya: "Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga gida a Kano, a Kantin Kwari nake saro su. Ina so in yi rangwame kafin Ƙaramar Sallah, amma duk sanda na tura talla ta Broadcast sai in ji shiru, wasu ma na lura sun toshe lambata. Yaya zan rubuta saƙon yadda kowace za ta ji kamar da ita nake?"

Amsa: Malama, aikin yana farawa ne tun kafin ki rubuta kalma ɗaya, wajen zaɓen waɗanda za su karɓi saƙon. Broadcast na manhajar da ke wayarki rubutu ɗaya yake aika wa kowa, ba ya saka sunan kowace mace a wurinta, saboda haka babu wata gaisuwa ko daɗin baki da zai sa mutum 200 masu buƙatu daban-daban su ji an san su. Abin da zai yiwu shi ne ki tara mutanen da wani abu ɗaya na gaskiya ya haɗa su, sannan ki buɗe saƙon da wannan abin. Idan jimlar farko gaskiya ce game da kowace mace da ke cikin jerin, kowace za ta ɗauka tata ce, kuma ba ki yaudari kowa ba.

Jeri ɗaya na Broadcast yana ɗaukar lamba 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Waɗanda aka tura wa ba sa ganin juna, amsar kowa kuma ke kaɗai take zo wa. Ma'anar wannan ita ce duk wadda ta ga tallarki ba baƙuwa ba ce, mace ce da ta taɓa ganin ya dace ta rubuta sunanki a wayarta. Wani abu kuma da masu sana'a da yawa ba sa lura da shi, saƙon yana sauka ne a cikin hirarku ta ku biyu, daidai ƙarƙashin magana ta ƙarshe da kuka yi. Idan maganar ƙarshe ita ce ta tambaye ki dalilin da ya sa kayanta ba su iso Zariya ba kuma ba ki amsa ba, ko kuwa ta sanar da ke rasuwar mahaifinta, to a ƙarƙashin wannan tallar za ta fito. Wannan yana daga cikin manyan dalilan da ke sa a toshe lambar mai sana'a, ko da kuwa rubutun tallar ba shi da aibi.

Don haka ki zauna da wayar ki rarraba kwastomominki. Idan WhatsApp Business kike amfani da shi, wanda aka fitar a 2018 don masu ƙananan sana'o'i, akwai wurin yi wa kowace hira laƙabi mai launi, wanda ake kira Labels, a wasu wayoyin kuma Lists. Mu ɗauka kina da lamba 300. Ki ware waɗanda suka sayi atamfa a wurinki a azumin bara, ƙila su kai 40. Ki ware masu sayen leshi don biki da anko, ki ware masu saro da yawa su sayar a Gusau ko Maraɗi, ki kuma ware waɗanda suka taɓa tambayar farashi ba su saya ba. Maza masu yi wa iyali sayayya su zama jeri na daban, domin harshenmu ba ya barin a haɗa su: ko dai ki ce "kin saya" ko ki ce "ka saya", idan kuwa kika gudu zuwa "kun saya" don ki haɗa kowa, mai karatu zai gane nan take cewa da taro ake magana. Dattawan mata da kike girmamawa, irin waɗanda ba za ki ce musu "ke" a gabansu ba, kada su shiga kowane jeri. Su kaɗan ne, ki rubuta musu da hannu, ko ma ki kira su. Haka nan ki cire duk wadda ke da ƙorafin da ba a warware ba, da wadda kike bi bashi, da wadda aka yi wa rasuwa kwanan nan.

Ga irin saƙon da aka saba gani, wanda nake zaton naki bai yi nisa da shi ba:

"GAGARUMIN RANGWAME!!! Ina ma'abota ado da kwalliya? Ku garzayo, kaya sun sauka, atamfa, leshi, shadda, mayafai, takalma, jakunkuna, duk a farashi mai rahusa. Sai kun zo! A taimaka a tura wa wasu."

Wannan salon tallar rediyo ne, kuma a rediyo yana aiki, domin mai saurare ya san da dubban mutane ake magana. A cikin hirar mutum biyu kuwa, kamar ki shiga ɗakin ƙawarki ne da lasifika a hannu. Babu farashi a ciki, babu ranar da rangwamen zai ƙare, babu dalilin yin sa, kuma kaya shida da aka jera sun nuna cewa mai rubutun ba ta san wanne mai karatu take saye ba. Roƙon a tura wa wasu shi ne ya ƙarasa lalata shi, domin ya maida kwastoma 'yar aike alhali ba a ma gaishe ta ba.

Yanzu ga abin da zan rubuta wa mata 40 ɗin nan da suka sayi atamfa a azumin bara. Farashin da adadin misali ne kawai, ki sa naki:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa. Da yake bara a wurina kika yi atamfar Sallah, na ce bari in sanar da ke kafin in sa a Status. Akwai ragowar turmi 24 na kayan da na saro kafin azumi, ina so in fitar da su don in sami kuɗin saro mayafai, shi ya sa na mayar da turmin N15,500 maimakon N18,000. Zan bar shi a haka zuwa ranar 10 ga azumi, yadda za ki samu ki kai wa tela kafin su daina karɓar ɗinki. Ga kala biyu daga ciki a hoto. In turo miki sauran ki gani? Idan ba kya son irin wannan saƙon, ki faɗa mini kawai, ba zan ji komai ba."

Ki dubi farkonsa da kyau, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi. Kafin mutum ya buɗe saƙo, layi ɗaya ko biyu kawai yake gani a saman wayarsa, kuma da wannan ɗan guntun yake yanke shawarar buɗewa yanzu, ko bari sai anjima, wanda sau da yawa ba ya zuwa. Sallama da gaisuwar lokaci sun wajaba, amma a taƙaice. Idan kika jera tambayar gida da yara da maigida da gajiya, sannan a layi na gaba farashi ya biyo baya ba tare da an jira amsa ba, mai karatu za ta ji cewa gaisuwar shimfiɗa ce kawai aka yi wa ciniki, kuma wannan ya fi rashin gaisuwar ciwo. Da wannan dalilin ne ba na son a naɗe talla a cikin doguwar addu'a ko saƙon barka da Juma'a. Addu'a tana da nata wuri, kuma mutane suna gane lokacin da aka yi ta don a kai ga aljihunsu.

Jimla ta biyu ita ce zuciyar saƙon. "Bara a wurina kika yi atamfar Sallah" magana ce da ba za a iya faɗa wa kowa da kowa ba, kuma duk wadda ta karanta ta san haka ne ya faru. Ta kuma amsa tambayar da ke ran duk wanda talla ta shigo wa, wato me ya sa aka turo mini. Ki lura ban ce "ke kaɗai na tura wa" ba. Ina roƙonki kada ki taɓa rubuta wannan, domin kwastomomin mai sayar da kaya daga gida yawanci 'yan uwan juna ne da maƙwabta da abokan aiki, kuma ranar da biyu daga cikinsu suka haɗu a gidan suna suka nuna wa juna waya, kin rasa amincin su biyun tare. Alkawarin sanar da su kafin a sa a Status kuwa gata ne na gaske wanda ba ya cin ko sisi, da sharaɗin ki cika shi, ki bar kwana ɗaya ko biyu kafin ki fitar wa kowa.

Farashi kuma a faɗe shi a fili, tsohon da sabon, da lamba. Al'adar cewa a biyo ta bayan fage don jin kuɗi tana sa mai hankali ta yi zargin cewa kowa da irin farashin da ake yanka masa, kuma mace mai kunya ba za ta tambaya ba don gudun kada kuɗin ya fi ƙarfinta ta ji nauyin janyewa. Faɗin naira ya fi faɗin kaso cikin ɗari, domin ragin N2,500 a kan turmi abu ne da za ta auna nan take da kuɗin ɗinki ko na mayafi. Tsohon farashin kuma ya zama wanda kika sayar a kai da gaske. Waɗannan mata sun saya a hannunki, wasunsu suna shiga Kwari da kansu, kuma idan kika ɗaga farashi don ki sauke shi ki kira shi rangwame, tsohuwar hirarku tana nan a sama, ɗan ja da yatsa kawai za su yi su ga abin da kika faɗa musu a baya.

Dalilin rangwamen da wa'adinsa su ma suna da aiki. Ragi ba tare da dalili ba yana sa a yi tunanin ko atamfar tana zuba ne, ko tsohon yayi ce da ta ƙi tafiya. Da kika ce kina neman kuɗin saro mayafai, kin faɗi abin da duk wanda ya san kasuwanci zai gane, kuma kin yi magana irin ta mutum da mutum. Wa'adin kuma an ɗaure shi da abin da kowace mace ta sani, cewa teloli suna cika da aiki tun tsakiyar azumi har su rufe karɓar ɗinki, don haka gaggawar ba ke kika ƙirƙire ta ba. Idan ranar ta cika, ki mayar da farashin yadda yake. Wadda ta ce rangwame ya ƙare yau, sannan aka gan shi mako biyu bayan haka, ta koya wa kwastomominta cewa wa'adinta ba abin kulawa ba ne.

Saƙon ya ƙare da tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa. "In turo miki sauran?" ba ta neman kowa ta yi alkawarin saye, "e" kawai take buƙata, kuma da zarar an amsa, an bar talla an shiga hira. Lambar asusu ba ta da wuri a saƙon farko, domin tura ta tun ba a zaɓi kaya ba yana nuna kuɗin kawai ake hange. Jimlar ƙarshe, wadda ta ba ta damar cewa a daina, mutane da yawa suna tsoron sa ta, amma ita ce ke kare lambarki. Macen da ta gaji da saƙonninki kuma tana jin nauyin faɗa miki, hanyar da ta rage mata ita ce ta danna Block, wani lokaci har da Report. Gara ta faɗa miki ki cire ta daga jerin, ku ci gaba da gaisawa, ranar da take da biki ta neme ki da kanta.

Game da hoto, ɗaya ko biyu sun isa, kuma ki sa rubutun a ƙarƙashin hoton yadda wayarta za ta yi ƙara sau ɗaya. Hoto 20 a jere yana cinye mata data, yana kuma cika mata waya. Ki ɗauki hoton da kanki da hasken rana, a shimfiɗe, don kalar ta fito yadda take. Idan kika tura hoton da dila ya turo miki kai tsaye, WhatsApp zai rubuta Forwarded a samansa, kuma wannan kalma ɗaya ta isa ta rushe duk abin da kika gina a rubutun.  Saƙon murya yana da kyau ga kwastomomin da kika san sun fi son saurare a kan karatu, kuma murya tana ɗauke da sanayya fiye da rubutu, amma kada ya kai minti ɗaya, kuma farashi da ranar ƙarshe su zo a rubuce, don kada ta sake sauraron duka tana neman lamba.

A azumi kada ki tura tsakanin la'asar da magariba, lokacin da kwastomominki suke kicin. Bayan an sauko daga asham ya fi, ko da hantsi. Idan yawancinsu ma'aikata ne, ki daidaita da ƙarshen wata. Rangwame ɗaya kuma saƙo ɗaya ne ga jeri. Kayan yau da kullum wurinsu Status ne, inda mai so take zuwa ta duba da kanta kuma ya ɓace bayan awa 24.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ki yi kafin ki danna tura. Turmi 24 ne a hannunki. Idan kika aika wa mutum 256 a dare ɗaya, ko dai amsoshi su yi miki yawa wasu su kwana ba a kula su ba, ko kayan su ƙare ki koma ba da haƙuri, wanda kuma zai sa wasu su ɗauka dama babu kayan, jan hankali ne kawai. Ki fara da mata 40 ɗin, a lokacin da kika san kina zaune da waya a hannu na awa ɗaya ko biyu. Duk wadda ta amsa, ki kira ta da sunanta, ko da sunan ɗanta idan haka kuka saba, ki duba abin da ta saya bara, ki fara turo mata kalolin da suka yi kama da zaɓinta. A nan ne ainihin kulawar take, kuma ita ce ke sa a buɗe saƙonki na gaba. Quick replies, wato wurin ajiye shiryayyun amsoshi a WhatsApp Business, yana da amfani wajen ajiye lambar asusu da bayanin yadda ake kai kaya tasha, amma amsar farko ki rubuta ta da hannunki. Idan bayan kwana biyu akwai ragowa, sai ki rubuta wa waɗanda suka taɓa tambaya ba su saya ba, da tasu jimlar ta gaskiya: "Kwanaki kin tambaye ni kuɗin atamfa, to yanzu na rage."

Shirun da kike ji kuma iri-iri ne, kuma wayar za ta nuna miki wanne ne. Ki shiga jerin, ki danne saƙon da kika tura, ki zaɓi Info, za ki ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka buɗe. Idan bayan kwana ɗaya bai isa ga da yawa ba, matsalar ba ta rubutu ba ce, mai yiwuwa ba su ajiye lambarki ba ne. Ki gwada da mutum ɗaya: ki yi mata sallama kai tsaye, idan wannan ya nuna maki biyu alhali na Broadcast bai shiga ba, to lambarki ba ta cikin wayarta. Idan shi ma ya tsaya a maki ɗaya kwana da kwanaki, hotonta kuma ya ɓace, akwai alamar ta toshe ki, sai ki cire ta ki ƙyale ta, kada ki bi ta da wata lamba. Idan saƙon ya isa amma ba a buɗe ba, ki duba layin farko da lokacin da kika tura, tare da tuna cewa wasu suna kashe alamar shuɗin da ke nuna an karanta. Idan kuwa an buɗe ba a amsa ba, to ko kayan ba su dace da wannan jerin ba, ko farashin bai burge ba, ko ba ki yi tambayar da za a amsa ba.

Maganin rashin ajiye lamba shi ne a nema a lokacin ciniki, sa'ad da kwastoma ta karɓi kayanta tana murna: "Hajiya, ki ajiye lambata, in an yi ragi in riƙa sanar da ke?" Wadda ta ce to, ta ba ki izini, kuma wannan izinin ne ya bambanta saƙonki da na masu damun mutane. Kada ki kwashi lambobi daga zauren WhatsApp na biki ko na makarantar yara ki zuba a jeri. Saƙon ba zai ma isa gare su ba tunda ba su ajiye ki ba, idan kuma kika bi su ɗaya bayan ɗaya, su ne masu saurin kai ƙara, kuma yawan ƙara yana sa WhatsApp ya rufe lamba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ba mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen aika masa talla. Manhajojin da ba na kamfanin ba, irin su GB WhatsApp da masu alkawarin aika saƙo ga dubban mutane har da sunayensu, sun saɓa wa ƙa'idar WhatsApp, kuma lambar da duk kwastomominki suka sani ita za ki jefa cikin haɗarin rufewa.

Kwana ɗaya kafin wa'adin ya cika, kada ki sake tura wa jerin gaba ɗaya. Ki koma ga waɗanda suka amsa suka ga kaloli amma ba su yanke shawara ba, wataƙila ba za su wuce 6 ko 7 ba, ki rubuta wa kowace daban, kina ambaton abin da ita ta nuna sha'awa a kai: "Maman Amira, mai ruwan ƙasan nan da kika tambaya saura turmi biyu, gobe kuma zan mayar da kuɗin yadda yake. In ajiye miki ɗaya, ko in bari?" Idan ta ce a bari, ki yi mata godiya ki bari, sunanta kuma ya ci gaba da zama a jerin masu atamfa har Babbar Sallah.